Yadda Ake Rubuta Umarnin Hoton Bangon Littafi da Zai Bar wa Suna Fili

Marubuta da yawa a nan Gombe sun koma haɗa hoton bangon littafinsu da manhajojin zane na ƙirƙirarriyar basira. Kusan kullum a wuri ɗaya aikin ke cijewa. Hoto ya fito da kyau, fuskar jaruma ta cika bangon tun daga sama har ƙasa, sai an zo ɗora sunan littafi a ga babu inda zai zauna. Dole a ɗora shi a goshin yarinyar, ko a matse shi a can saman bango inda wuƙar maɗaba'a za ta yanke masa kai, ko a shimfiɗa baƙin zane a kan hoton don rubutu ya fito. Duk ukun suna ɓata bango, kuma tun daga umarnin da aka rubuta wa manhajar matsalar ta samo asali.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, manhajar zane ba ta san barin wuri ba. An horar da ita a kan hotuna cikakku, saboda haka duk inda ta ga fili sai ta cusa masa wani abu. Idan kana son fili, sai ka ba ta abin da za ta zana a wurin, abin da shi kansa sumul yake, kamar hazo ko ruwa kwantacce ko bangon ɗaki da aka shafe. Sauran bayanin duk a kan wannan zai tafi.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. A ce wata marubuciya a Jekadafari ta gama labarin wata yarinya 'yar masunci da ke zaune a bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan Kogin Gongola, ta sa masa suna Ƙugiyar Babana. Tana son ta buga shi a takarda, tana kuma son ta saka shi a intanet.

Kafin a taɓa waya, a san girman littafi

Matakin farko ba na manhaja ba ne. Ka tambayi mai maɗaba'ar da zai buga maka wane girma zai yanka littafin. Yawancin littattafan labari da ake bugawa a wurarenmu girman A5 ne ko kusa da shi, wato faɗi milimita 148, tsawo milimita 210. Mai ɗab'i yana buƙatar hoton ya zarce wannan da milimita 3 ta kowane gefe, saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai a kan layi kowane lokaci, idan babu wannan rarar sai farin zare ya bayyana a bakin bango. Ke nan hoton da za ka nema faɗinsa 154 ne, tsawonsa 216. Idan ka auna faɗin da tsawon za ka ga kusan daidai yake da 5 bisa 7, shi ne ma'aunin da za mu ba manhaja.

Yanzu ɗauki farar takarda mai girman A4 ka ninka ta biyu, ka sami girman bangon a hannunka. Ja layi a milimita 70 daga sama. Wannan kashi ɗaya cikin uku na sunan littafi ne. Ja wani layin a milimita 30 daga ƙasa, na sunan marubuci. Abin da ya rage a tsakiya, milimita 110, shi kaɗai ne rabon jaruma da kwalekwalenta. Sannan ka rubuta sunan littafin da hannunka a cikin filin sama, da girman da kake so ya fito, ka bar aƙalla milimita 10 tsakanin haruffa da bakin takarda. Ƙugiyar Babana kalma biyu ce, za ta zauna a layi biyu cikin walwala. Da sunan mai kalma biyar ne ko shida, sai layi uku, kuma filin sama sai ya kai kusan rabin bango. Gara ka gano haka a kan takarda da ka gano shi bayan ka ƙone data wajen fitar da hotunan da ba za su ɗauki sunan ba.

Zaɓen abin da zai zama filin

A nan ne ya kamata a ɗan zauna a yi tunani, domin abin da ka zaɓa ya cike filin sama dole ya fito daga cikin labarin. Labarin bakin ruwa ya yi sa'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Dadin Kowa da sanyin safiya a watan Disamba ko Janairu ya san yadda hazon hunturu ke shafe sararin sama ya mayar da shi launi ɗaya, tuddan da ke nesa su zama kamar inuwa. Babu gajimare, babu ƙwayar rana mai kashe ido. Wannan hazon shi ne filin sunan littafi. A ƙasa kuma ruwa kwantacce mai duhu zai ɗauki sunan marubuciya da farin rubutu.

Idan labarinka na cikin gida ne, nemi bangon ɗaki da aka shafe da siminti ko jar ƙasa, jaruma na zaune a gindinsa, bangon ya miƙe sama babu taga babu kalanda. Idan na dare ne, duhun sama ba taurari. Idan labarin sarauta ne kuma kana son zanen dagi a jikin soro, ka tura zanen gefe ɗaya ko ƙasa, kada ya hau inda rubutu zai zauna, don zane a bayan haruffa yana cinye su.

Akwai abubuwan da ido ke so a hoto amma suna kashe rubutu: gajimare masu tudu da kwari, faɗuwar rana mai launi biyar, reshen bishiya da ya ratso ta sama, garken tsuntsaye, da atamfa mai fulawoyi idan ta kai wurin. Dalilin ɗaya ne. Harafi yana fitowa ne idan abin da ke bayansa haskensa ɗaya ne tun daga farkon kalma har ƙarshenta. In rabin kalma ya faɗa kan farin gajimare, rabi kan shuɗin sama, babu launin rubutun da zai yi daidai da duka biyun.

Ka kuma yanke shawara tun yanzu, filin mai haske ne ko mai duhu. Mai haske yana ɗaukar rubutu baƙi ko shuɗi mai duhu, mai duhu yana ɗaukar fari ko ruwan ƙwai. Wanda ke ba da wahala shi ne na tsaka-tsaki, toka-toka ko ruwan ƙasa da bai yi haske ba bai yi duhu ba, domin fari ba ya fita a kansa sosai, baƙi ma haka.

Rubuta umarnin

Yawancin waɗannan manhajoji sun fi fahimtar Turanci, musamman a kalmomin tsarin hoto, don haka da Turanci za mu rubuta, ko da a Hausa ka tsara tunaninka. Ga irin umarnin da mutane suka saba rubutawa:

```
book cover, beautiful Hausa girl, river, sunset,
birds, dramatic clouds, no text
```

Abu uku ne suka lalace a nan. Na farko kalmomin `book cover`. Manhaja ta ga dubban bangunan littattafai, kuma kowanne da rubutu a jikinsa, saboda haka da ta ji wannan sai ta zana maka wasu haruffa marasa ma'ana a daidai filin da kake so, wani lokaci ma ta zana littafin kansa a ajiye a kan tebur. Na biyu `no text`. Manhajoji irin su Midjourney ba sa kama korewa a cikin jimla yadda mutum ke kamawa, kalmar `text` suke gani, sai ka zama kai ka tuna musu da rubutun. Na uku, an fara da yarinya kuma an ce kyakkyawa ce, ba a faɗi girmanta a cikin hoton ba, don haka za a kawo fuskarta kusa ta cika ko'ina.

Ga wanda za mu rubuta wa Ƙugiyar Babana:

```
Vertical painting, wide shot. Smooth pale harmattan haze
fills the upper half. A young Hausa woman in a long indigo
hijab stands in a wooden canoe, small in frame, centered,
head below the midline. Low faint hills on the horizon.
Still dark water fills the bottom. Minimalist, few colors.
--ar 5:7 --no text, letters, birds, clouds, trees
```

Mu bi shi sannu a hankali. An buɗe da cewa zane ne a tsaye kuma daga nesa aka ɗauko shi. `wide shot` shi ke ja da mai kallo baya, jaruma ta ƙanƙance, fili ya samu. Nan da nan sai aka kawo hazo, kafin a ambaci yarinyar, domin abin da ya zo a farkon umarni ya fi samun nauyi. Ka lura an ce hazon ya cika rabin sama, alhali a takardarmu kashi ɗaya cikin uku muka ware. Da gangan ne. Manhaja ba ta da ma'auni a hannu, kuma kullum tana cin iyakar fili ta ba wa mutum, don haka ka roƙi rabi ka sami abin da kake bukata.

Sai jaruma. An faɗi tufarta dalla-dalla, dogon hijabi shuɗi mai launi ɗaya. Idan ka tsaya a `African woman` kawai, za a iya ɗaura mata gwaggwaro irin na kudu, wanda bai dace da labarin ba kuma zai miƙe ya shiga filin suna. Idan ka ce `Muslim woman` kawai, sau da yawa Balarabiya ko 'yar Indiya za ta fito. Idan fatarta ta fito da haske fiye da yadda kake so, ƙara `dark brown skin`. Kalmomin `small in frame` da `head below the midline` su ne ke riƙe kanta a ƙasa da tsakiyar bango. Tuddai an ce gajeru ne kuma dishi-dishi, don kada su taso su zama duwatsu masu tsini. Ruwa an ce kwantacce ne mai duhu, saboda igiyar ruwa da ƙyallin rana a kansa suna yi wa ƙananan haruffan sunan marubuci abin da gajimare ke yi wa manya.

Layin ƙarshe na Midjourney ne. `--ar 5:7` shi ne ma'aunin faɗi da tsawo, `--no` kuma nan ne wurin da aka tanada don jera abin da ba a so. A manhajojin da aka gina a kan Stable Diffusion, da Leonardo, akwai akwati daban mai suna `Negative prompt`, a can za ka zuba waɗannan kalmomin, ma'aunin kuma ka zaɓe shi a saiti. Masu zane na cikin ChatGPT da Gemini sun fi jin cikakkiyar jimla, a wurinsu za ka iya cire layin ƙarshe ka rubuta wannan a madadinsa:

```
Portrait format. Keep the top half plain and empty.
Do not add any writing.
```

Wasu manhajojin ba sa ba da 5 bisa 7, sai 2 bisa 3, kamar hoto mai fiksel 1024 a faɗi da 1536 a tsawo. Wannan ya ɗan fi bangonmu tsawo, za a yanke kusan fiksel 100 daga sama ko ƙasa. Ba matsala ba ce in dai ka san da ita ka bar rara.

Idan hoton ya fito ba yadda aka so ba

Da wuya fitowar farko ta yi daidai. Abin da ke taimako shi ne ka gane wace kalma ce ta jawo abin da ka gani, ka canza ita kaɗai. In ka canza abu huɗu a lokaci ɗaya, ba za ka san wanne ya gyara ba.

A ce kan yarinyar ya haura har cikin filin suna. Ko dai bayanin fuskarta ya yi yawa, ko nisan bai isa ba. Duk lokacin da ka bayyana idanu da murmushi da kwalli, kana gaya wa manhaja ta matso kusa don a gan su. Cire bayanin fuska, ka mayar da `wide shot` ya zama `extreme wide shot`, ko ka juya ta baya da `seen from behind`. Ni na fi son a juya ta baya a irin wannan labari. Mai karatu zai sa mata fuskar da yake so, kuma ka huta da matsalar yatsu da idanun da manhaja ke karkatarwa.

A ce kuma sama ta fito da ƙwallon rana a tsakiyar filin. Kalma irin `sunset` ko `sunrise` ko `golden hour` ce ta kira ta. Cire su, ka sa `overcast, diffused light`, ka ƙara `sun` a jerin abin da ba a so. Idan sandar tuƙin kwalekwale ce ta miƙe ta ratsa sama, ka ce hannayenta na riƙe da koma a ƙasa, ko ka zaunar da ita. Idan haruffan banza sun fito a wata kusurwa kamar sa hannun mai zane, duba ko akwai `poster`, `cover`, `title` ko `novel` a umarninka. Ko `space for title` ma yakan jawo rubutu, don akwai kalmar a ciki. `negative space` ko `copy space` sun fi aminci, su ne kalmomin da masu sayar da hotuna ke liƙa wa hoton da aka bar wa fili.

Wani lokaci hoton yana yin kyau ta ko'ina, filin sama ne kawai ya gaza. Kada ka jefar da shi. Photoshop yana da `Generative Expand`, Canva tana da `Magic Expand` ga masu biyan kuɗi, Midjourney kuma yana da `Pan`. Dukkansu suna ƙara wa hoto tsawo ta gefen da ka nuna. Ka ja shi sama, a akwatin umarni ka rubuta `smooth pale haze` kawai. Tun da hazo launi ɗaya ne, ko mai dizayin da ke aiki da CorelDRAW zai iya ɗaukar launin ya ƙara shi da hannu ba tare da an ga mahaɗa ba. Da gajimare ne a wurin, wannan gyaran ba zai yiwu cikin sauƙi ba.

Gwada filin kafin a yarda da shi

Ido yana ruɗin mutum idan hoto ya burge shi, don haka a gwada. Buɗe hoton a Canva ko PixelLab, ka rubuta ainihin sunan littafin da ainihin sunan marubuci, da girman da ka zana a takarda. Sai ka mayar da hoton baƙi da fari. Idan rubutun ya narke cikin bayansa bayan an cire launi, hasken biyun ya yi kusa, sai ka ƙara wa filin haske ko ka ƙara wa rubutun duhu. Bayan haka ka tura wa kanka hoton a WhatsApp ka kalle shi a ƙaramin girmansa ba tare da ka buɗe ba. A haka yawancin masu karatu za su fara ganinsa. In sai ka buɗe kafin ka iya karanta sunan, haruffan sun yi ƙanana ko sun yi siriri. Kuma idan ka ga sai ka sa wa rubutu inuwa mai kauri ko ka zagaye shi da layi kafin ya fito, filin ne bai yi sumul ba, ka koma kan umarni.

Sunan littafi kuwa kai za ka rubuta shi, kada ka bar wa manhajar zane. Wasunsu sun iya rubuta gajerun kalmomin Turanci yanzu, amma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna yawan sauya musu kama ko su mayar da su k da d da b. Ko da ta rubuta daidai, rubutun ya manne da hoton, ba za ka iya matsar da shi ko gyara shi ba. A manhajar rubutu ma ka duba nau'in haruffan da ka zaɓa. Da yawa daga masu ƙawa ba su da babban Ƙ, sai ka ga akwati a wurinsa, ko harafin ya fito da wata siffa daban da ta 'yan uwansa. Charis SIL, Gentium, Andika da Noto Serif duk suna da haruffan Hausa, kuma kyauta ne.

Daga waya zuwa maɗaba'a

Ɗab'i mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. A bangonmu mai milimita 154 da 216, wannan ya kama fiksel 1819 a faɗi da 2551 a tsawo. Abin da manhajoji ke fitarwa da farko yakan tsaya wajen fiksel 1000 a faɗi, don haka sai an ninka shi biyu da maɓallin `Upscale`. Ka yi wannan kafin ka ɗora rubutu, kuma bayan ka yi ka zuƙo filin sama ka duba, domin wasu masu ƙara girma suna ƙirƙiro ɗigo-ɗigo ko zane-zane a wurin da yake sumul. Wajen kai wa mai ɗab'i, ka tura fayil ɗin a matsayin takarda, wato `Document`, ko ka kai shi a filashi. Idan ka tura shi a matsayin hoto, WhatsApp zai matse shi, kuma a fili mai launi ɗaya matsewar ta fi nunawa, sai hazon ya fito layi-layi.

Injin ɗab'i yana aiki da tawada huɗu, allon waya kuma da haske, shi ya sa launi kan sauya a takarda. Shuɗi mai ƙyalli yana dusashewa, wuri mai duhu yana ƙara duhu. Ruwan da ke ƙasan bangonmu zai iya komawa kusan baƙi, wanda bai cutar da farin rubutu ba, amma hijabin shuɗi zai iya haɗewa da shi. Ka roƙi a buga maka gwaji ɗaya ka gani da idonka kafin a saki sauran. Bangon baya ba ya bukatar wani hoto. Ɗauki launin hazon ko na ruwan ka shimfiɗa, kaurin gefen ɗauri kuma mai maɗaba'a ne zai ba ka bayan ya san yawan shafuka da nauyin takarda.

Bangon da za a saka a intanet ya fi na takarda siriri. Amazon na ba da shawarar fiksel 1600 da 2560 ga bangon Kindle, wato 5 bisa 8, Wattpad kuma 512 da 800. Ba sai ka sake fitar da wani hoto ba. Daga 5 bisa 7 zuwa 5 bisa 8, kashi ɗaya cikin takwas na faɗin ne zai tafi, rabi ta dama rabi ta hagu. Shi ya sa muka sa `centered` a umarni, don jaruma da kwalekwalenta su tsira idan an yanke gefuna. Ka adana hoton da babu rubutu a kansa daban, ka yanka shi zuwa sabon ma'aunin, sannan ka sake jera sunan littafi da na marubuci a kai, ka ɗan rage girman haruffan yadda tazarar gefe za ta dawo.